Mel zuwa sikolarite: me zan sa a Objet da layin farko don a buɗe, a yi mini aikina?

Na yi shekaru ina zaune a biron sikolarite na wata makarantar gaba da bak a nan Damagaram, ni ne nake buɗe akwatin mel ɗin sabis da safe in ware abin da za a kai wa shef da abin da zan iya yi da kaina. Yanzu na bar aikin, amma har gobe ƴan uwa da yaran unguwa suna tare ni a Zango da waya a hannu, "Malam duba mini wannan kafin in aika". Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Maganata ta fi karkata ga wanda ya yi nisa da makarantarsa, yana Yamai ko Agadas ko Kano, kuma yana neman releve ko atestasiyon kafin wata rana ta wuce, don shi ne mel ya fi yi wa amfani kuma shi ne ya fi cutuwa in aka yi shiru.

Malam, na aika mel yau sati uku ko amsa babu. Ba sa karantawa ne?

Suna karantawa, amma ba yadda kake zato ba. Bari in nuna maka safiyar Litinin a lokacin rantire. Kafin a buɗe ƙofa layi ya riga ya miƙe a bakin gishe, wani ya zo da dosiye ba hoto, wata ta zo da mahaifinta daga Mirriya tun da asuba, waya tana ƙara, shef yana sa hannu a takardu yana tsaye. Akwatin mel sai an samu sarari ake leƙa shi, kuma sai in akwai wuta da konekisiyon, sau da yawa ma a kan salula ake leƙawa tsakanin mutum biyu da ke gishe. To a wannan leƙen abu uku kawai ido yake gani kafin a buɗe saƙo: sunan wanda ya aiko, abin da ke cikin Objet, sai ƴan kalmomin farko na saƙon da suke fitowa a ƙasa da launi mai haske. Shi ke nan. Da waɗannan ukun ake yanke shawara ko a buɗe yanzu ko a bari sai anjima, kuma anjiman nan shi ne yake zama sati uku, don saƙonni sababbi suna ta sauka a kan naka suna tura shi ƙasa.

Tambayar da ke ran mai biro lokacin da yake saukar da yatsa guda ce: wanne ne zan iya gamawa yanzu-yanzu? Saƙon da ya faɗi takardar da ake so da mai ita, ana iya gama shi a minti biyar, don haka ana buɗe shi. Saƙon da aka rubuta wa `Bonjour` ko `Aide svp` ko aka bar Objet ɗin fanko, ba wanda ya san ko aikin minti biyar ne ko na yini guda, to sai a tsallake shi ba don ƙiyayya ba. Na tsallake irinsu da yawa, kuma na san a cikinsu akwai na mutanen da ke cikin matsuwa ta gaske, abin yana damuna har yanzu.

To me zan rubuta a Objet ɗin daidai?

Ka ɗauki Objet kamar rubutun da ake yi a bayan fayil ɗin kwali kafin a jera shi a kanta. Ba a rubuta gaisuwa a can, ba a rubuta labari. Abu uku ne, a jere haka: takardar da kake so, kai wane ne, sai ranar da ta matse ka in akwai.

```
Demande relevé L2 Gestion 2021-2022 - NOM Prénom - mat. 00000 - avant le 15/11
```

Jerin yana da dalili. Salula ba ta nuna Objet gaba ɗaya, tana yanke shi bayan harafi talatin zuwa arba'in, ya danganta da girman wayar. Don haka abin da ka sa a gaba shi kaɗai ke da tabbacin za a gani. In ka fara da `Demande de bienveillance auprès de votre haute autorité` to wurin ya cika kafin ka faɗi abin da kake nema. In ka fara da `Demande relevé L2` mai biro ya riga ya san kantar da zai nufa ko fayil ɗin da zai buɗe a kwamfuta tun bai taɓa saƙon ba.

Suna kuma, ka rubuta shi yadda yake a katinka na makaranta, harafi da harafi. Ka san halin sunayenmu a takardun nan, mutum ɗaya a gida ana kiransa da wani suna, a takardar haihuwa an rubuta shi da rubutun Faransanci, Moussa da ou, Mahamadou ko Mamadou ko Mahaman, kuma a aji ɗaya sai ka samu mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Shi ya sa lambar matirkil ta fi suna daraja a wurinmu. Ko ta faɗa can inda salula ta yanke ba komai, amfaninta yana zuwa daga baya: ranar da ka kira waya ko ɗan uwanka ya zo gishe yana cewa "ai ya aiko mel", mai biro lambar zai buga a wurin bincike, saƙonka ya fito nan take. In ba ta ciki sai a yi ta gangarawa ana nema, layi na jira, a ƙarshe a ce a sake aikowa.

Shekarar karatu ma kada ka bar ta. L2 kaɗai ba ta isa ba, musamman in ka taɓa maimaita aji, don za a samu L2 biyu da sunanka, wanne za a fitar?

In na sa URGENT da manyan haruffa ba zai sa a yi sauri ba?

A'a ƙanena. A lokacin rantire da lokacin konkur kusan kowa yana rubuta shi, wasu har sau uku da alamar motsin rai a jere, sai ya zama kalmar ba ta bambanta kowa da kowa. Kuma ba ta gaya wa mai biro komai: gaggawar gobe ce ko ta wata mai zuwa? Rana ita ce ke magana. `avant le 15/11` yana ba shi damar ya jera saƙonni goma ya ga wanne zai fara ƙonewa. Abin da nake roƙo kawai, ranar ta zama ta gaskiya, kuma a cikin saƙon ka faɗi inda ta fito, rufe dosiyen mastar ne ko na burs ko na konkur. Mai biro ya san yawancin waɗannan ranakun don mutane da yawa suna zuwa da su, in ka ƙirƙiri taka zai gane, kuma gobe in ka sake rubutowa ba zai yarda da ranarka ba.

Wani abu da ake mantawa: kada ka sa ranar rufe dosiyen kanta, ka ja baya da kwanaki. In ana rufewa 20 ga wata, kuma takardar sai an sa mata hannu, an buga hatimi, an kai tasha an ba mota zuwa Yamai, wajen kilomita 900, sannan ka yi fotokopi ka kai a tabbatar da ita, to ranar da za ka rubuta a Objet 12 ce ko 13.

Amma Malam, in na shiga magana kai tsaye ba gaisuwa, ba za a ce ba ni da tarbiyya ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji, kuma ina ganin girman mai yin ta. Mu ba a haka aka rene mu ba. Ba ka shiga wurin babba ka ce ba ni kaza, sai ka yi sallama, ka tambayi kwana da gajiya da iyali, sannan a hankali ka kawo abin da ke tafe da kai. In ka zo gishe da ƙafarka haka za ka yi, kuma daidai ne. Amma mel yana da wani hali da baki ba shi da shi: kalmomin farkon nan su ne suke fitowa a ƙarƙashin Objet kafin a buɗe. In ka cika su da fatan alheri ga shef da iyalinsa da dukkan ma'aikata, to ka kashe layi na biyu da aka ba ka kyauta don ka faɗi buƙatarka.

Ba na cewa a jefar da ladabi. Gaisuwar ta zama layi ɗaya gajere, `Bonjour Monsieur,` ko `Bonjour Madame,` in ka san ko wace ce, in ba ka sani ba `Madame, Monsieur,` ya wadatar. Jimlar da ke biye ita ce za ta ɗauki kaya. Sauran ladabin ka kai shi ƙasa, can ka yi godiya yadda ranka yake so, ba wanda zai ji haushi. Kuma ka yarda da ni, mutumin da ke da mutum talatin a bakin taga, in ka taƙaita masa ka girmama shi ne, haka yake jin abin.

Ita jimlar farkon, gwajinta guda ne. Ka ɗauka shef ya karanta ta ita kaɗai, aka kira shi taro, ya miƙa wa ƙaramin ma'aikaci wayar ya ce "yi wannan". Shin ma'aikacin zai iya yi ba tare da ya dawo maka da tambaya ba? In eh, jimlar ta yi. Duk tambayar da aka dawo maka da ita, wace filiyar, wace shekara, kwafi kake so ko ta asali, kwana biyu ne ko uku suka tafi, wani lokaci ma ba a dawowa da tambayar, ajiyewa ake yi.

Ka ba mu misali na gaske mu gani.

Akwai ɗiyar maƙwabcina, ta yi lisans a wata makaranta nan garin, aure ya kai ta Yamai, tana son shiga mastar a can. Dosiyen yana neman releve na shekara uku, tana da na L1 da L3, na L2 ya ɓata a ƙaura. Ta aika mel, kwana goma sha biyu shiru, mahaifinta ya zo mini bayan la'asar ransa a ɓace yana cewa an raina su. Na ce ta turo mini abin da ta aika. Objet ɗin `Salutations` ne kawai. Sunan mai aikowa wani laƙabi ne da ta sa tun tana lise, da taurari a gefe. Saƙon ya fara da layi huɗu na gaisuwa da addu'a, sannan labarin aurenta da ƙaura da yadda ruwa ya jiƙa akwatin takardu, sai can a layi na goma sha ɗaya ta ce tana neman `mes papiers`. Ba lamba, ba shekara, ba filiyar, kuma sunan da ta sa a ƙasa da sunan mijinta ta haɗa shi, wanda babu shi a ko ɗaya daga cikin rajistocin makarantar.

Na ce wa mahaifin, Alhaji ba raini ba ne, ko ni nake kan kujerar nan ban san ta inda zan fara ba. Muka zauna a kan tabarma na rubuta mata a takarda ya ɗauki hoto ya tura. Objet ɗin:

```
Duplicata relevé L2 2020-2021 - NOM Prénom - mat. 00000 - avant le 13/10
```

Buɗewar kuma:

```
Bonjour Monsieur,
Ancienne étudiante en L2 Gestion (2020-2021, mat. 00000), je sollicite un duplicata de mon relevé de notes des semestres 3 et 4, pour un dossier de master à déposer le 20/10.
```

Ku duba abin da jimlar nan ɗaya ta ɗauka. Ta ce tsohuwar ɗaliba ce, don haka a tsofaffin fayil za a nema, kada a ɓata lokaci a na bana. Ta faɗi aji da filiyar da shekara da lamba. Ta ce kwafi na biyu take nema, wato an taɓa ba ta, wannan yana da muhimmanci don sau da yawa hanyar fitar da na biyu daban take da ta na farko. Ta ambaci samestir 3 da 4, don a tsarin LMD lisans samestir shida ne, L2 ita ce ta uku da ta huɗu, kuma wani lokaci daban-daban ake fitar da su, in ba ka faɗa ba sai a ba ka ɗaya. Sannan ta faɗi dalili da rana. Labarin akwati da ruwa bai shiga ba ko kaɗan, in sun so ji za su tambaya.

A ƙasa muka ƙara layi biyu kawai: cewa mahaifinta yana gari zai iya zuwa ya karɓa da takardar wakilci da kwafin katinta, da tambayar ko akwai kuɗin da za a biya da inda ake biya. Ta liƙa hoton katin makaranta da releve na L3 a PDF ɗaya, ta sa wa fayil ɗin sunanta da lambarta maimakon `IMG_2034`. Na ce ta gyara sunan mai aikowa, ta aika sabon saƙo fil, kada ta ɗora a kan tsohon, kuma ta aika da safiyar Talata. Kwana biyu aka amsa mata da layi ɗaya cewa mahaifin ya zo da takardun. Ban ce kullum haka yake faruwa ba, na ga wanda ya rubuta daidai kuma ya jira, amma a nata abin da ya canza kawai shi ne yanzu an san abin da za a yi.

Ni ban ma san sunan takardar da nake nema ba, an ce mini dai "takardar makaranta".

To kada ka aika tukuna. Koma ga wanda ya nema ka karanta jerin dosiyen, ka kwafo sunan yadda suka rubuta shi. Ana yawan rikita huɗun nan. `Certificat de scolarité` ko `attestation d'inscription` yana nuna an yi maka rajista a wata shekara, bai ce ka ci ko ka faɗi ba. `Relevé de notes` shi ne makinka darasi-darasi. `Attestation de réussite` tana cewa ka ci, ita ake riƙewa kafin diplom ya fito. `Diplôme` kuma shi ne na ƙarshe. In ka rubuta `attestation` kawai a Objet, mai biro zai yi zato, kuma in zatonsa ya kuskure za a sa hannu a buga hatimi a aiko maka takardar da ba za ta yi maka aiki ba, ka koma farko bayan sati biyu.

Da Hausa zan rubuta ko da Faransanci?

Ni dai shawarata Objet da jimlar farko su kasance da Faransanci. Na san tun 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki, kuma a gishe da Hausa ake yawancin magana. Amma sunayen takardun da rajistoci da Faransanci suke, da su za a bincika, kuma saƙonka yana iya zuwa hannun ma'aikacin da aka turo daga wani yanki wanda bai saba karanta Hausa ba ko da yana jin ta. Kada tsoron kuskuren rubutu ya hana ka. Ba a taɓa ƙin yi wa mutum aiki a gabana don ya manta wasali ba. Wanda ya yi karatu a Kano ko Katsina yana rubuta wa magatakardan can, tsarin bai canza ba, harshen ne kawai zai koma Ingilishi.

An yi kuskure a sunana a kan atestasiyon. Raina a ɓace yake, yaya zan fara?

Ka bari ranka ya huce kafin ka taɓa wayar. Saƙon da Objet ɗinsa ya fara da `Plainte` ko `Erreur grave de votre service` ana buɗe shi, amma da kafaɗa a ɗage ake buɗewa, kuma abin da mutum zai fara yi shi ne neman hujjar cewa ba laifinsa ba ne, gyaran ya koma baya. Kai kuwa gyara kake so. Rubuta `Correction nom sur attestation L3` sai sunanka da lamba. Jimlar farko ta ɗora biyun gefe da gefe: ga yadda aka rubuta, ga yadda yake a takardar haihuwa da atestasiyon ɗin bak, kuma ka liƙa su. Ba sai ka ce wane ne ya yi kuskuren ba. Sau da yawa ma in aka bi sawu sai a tarar tun ranar rajistar farko ya shigo, daga fom ɗin da aka cika da hannu.

Maganar maki daban ce, ka kula. Sikolarite ba ta ba da maki kuma ba ta canza shi, tana rubuta abin da malamai suka zartar ne a deliberasiyon. In maki ya ɓata ko kana ganin ba naka ba ne, Objet ya ɗauki sunan darasin da samestir da zaman jarrabawar, na farko ko na ratirapaj, kuma jimlar farko ta tambayi hanyar da ake bi da ranar rufe ƙorafi, don irin wannan ƙorafin yana da ƴan kwanaki ƙayyadaddu bayan an liƙa sakamako. In kana gari kada ka dogara da mel a kan wannan, ka je.

Buƙata biyu gare ni, in haɗa su a saƙo ɗaya?

In takardu biyu ne na mutum ɗaya daga biro ɗaya, releve da atestasiyon misali, haɗa su ka ambaci duka a Objet. In ɗaya takarda ce ɗaya kuma maganar kuɗi ko gyaran suna, raba su, don ba mutum ɗaya ke yin su ba. Kuma kada ka nema wa abokinka a cikin naka.

Ka yi ta maganar sunan mai aikowa, me ya shafe shi?

Shi ne abin da ido ke fara sauka a kai, da baƙin rubutu a sama da Objet. Yawancinmu wani ne ya buɗe mana adireshin a siber ko a shagon waya tun da daɗewa, ya sa abin da ya ga dama. Aika wa kanka saƙo ka ga da wane suna yake fitowa. In laƙabi ne ko sunan ɗan ƙwallo, shiga saitin akwatin ka mayar da shi sunanka na takarda. In da adireshin yayanka ko na mai siber za ka aika, to lalle sunanka ya fito sarai a Objet, kuma ka sa lambar wayarka a ƙasa, don amsar can za ta je, kai ba ka da labari.

Akwai tsohon saƙon da suka taɓa aiko mini bara, in danna Répondre a kai?

In maganar ɗaya ce, eh, don tarihin ya zauna wuri guda. In sabuwar buƙata ce, a'a. Zai fito da `Re:` da tsohon Objet, a ce `Re: Calendrier des examens`, mai biro ya ɗauka tsohuwar magana ce da aka gama. Kwafi adireshin kawai ka buɗe sabon saƙo.

Na rubuta yadda ka ce, har yanzu shiru. In sake aikawa kullum?

Kada ka yi haka, saƙo biyar iri ɗaya suna sa a gaji da sunanka. Ka ƙirga kwanakin aiki huɗu ko biyar, ban da Asabar da Lahadi, kuma ka tuna Juma'a rabin yini ce, saƙon da ya shiga bayan sallar Juma'a sai Litinin, lokacin kuwa wasu sun taru a kansa. Sannan ka tuna musu sau ɗaya, a kan saƙonka na farko, don a ga ranar da ka fara nema. Jimlar farko kada ta zama `Je n'ai toujours pas eu de réponse`, wannan zargi ne kuma bai faɗi abin da kake so ba. Ka sake faɗin buƙatar cikakkiya kamar ba a taɓa ganin ta ba, da ranar da ka aiko da ranar da za a rufe dosiyen:

```
Bonjour Monsieur,
Je reviens sur ma demande du 03/10 (duplicata relevé L2 Gestion 2020-2021, mat. 00000) : le dépôt du dossier ferme le 20/10.
```

Maganar sa manya a `Cc`, shugaban sashe ko wanda ya fi shi, ka bar ta a saƙon farko da na biyu. Ma'aikaci yana ganin ta kamar ka kai ƙararsa tun bai yi maka laifi ba. In na biyun ma shiru, to mel ya yi iyakarsa, ka tura wani ya je gishe da saƙon a buge a takarda ko a kan waya. A nan ne Objet mai kyau yake sake yi maka aiki, ɗan aiken ba sai ya iya bayani ba, ya nuna layin kawai a karanta.

Akwai abin da mel ba zai taɓa yi mini ba komai kyawun rubutuna?

Akwai. In ba a zauna deliberasiyon ba, babu releve ɗin da za a fitar, ko wa ka rubuta wa. In mai sa hannu ya yi tafiya, takardarka tana iya zama a buge a kan tebur tana jiransa. In akwai sauran kuɗin rajista a kanka, za a tsaya a nan. Diplom na asali kuma galibi ba a aika shi haka kawai, mai shi ne ke zuwa da katin shaida ya sa hannu a rajista, ko wakilinsa da takardar wakilci da aka tabbatar. A irin waɗannan abin da za ka nema a jimlar farko bayani ne: shin ta fito, me zan zo da shi, wace rana ake bayarwa. Tambayar ta zama wadda za a iya amsawa da kalma biyu a tsaye, `Mon diplôme de licence 2021 est-il disponible au retrait ?` sai lambarka. Na ga yaron da ya taso daga Gure ya biya kuɗin mota zuwa da komawa ya kwana a tasha, ya iso gishe aka ce masa diplom ɗin ajinsu bai dawo daga sa hannu ba tukuna, wai ya dawo bayan wata biyu.